Moto Ɗaya, Gudu Biyu: Yadda Sauya Haɗin Waya Ke Raba Gudun Injin Kwaɓa Fulawa Gida Biyu

A manyan gidajen burodi na Kano da Kaduna da Maraɗi akan ga wani injin kwaɓa fulawa mai faffaɗan kwano da murɗaɗɗen ƙarfe a tsakiya. A jikinsa akwai maɓallin kunnawa guda biyu. Idan aka zuba fulawa da ruwa da yis, na farko ake dannawa, ƙarfen ya riƙa juyawa a hankali har garin ya jiƙe, don kada ya yi ta tashi yana cika ɗaki da ƙura. Bayan 'yan mintoci sai a danna na biyu. Nan take ƙarar injin ta sauya, gudun ya ninka, kwaɓin ya shiga miƙewa yana yin danƙo.

Mutane da yawa na zaton giya aka sauya, ko kuma an rage wa injin wuta ne a gudun farko. A yawancin irin waɗannan injuna ba haka abin yake ba. Bel ɗin na nan inda yake, wutar da ke shigowa ba ta ƙaru ba kuma ba ta ragu ba. Injin lantarkin da ke juya kwaɓin, wanda masu aikin wuta ke kira moto, shi ma guda ɗaya ne, kuma naɗin wayar tagullar da ke cikinsa ɗaya ne. Abin da ya sauya kawai shi ne ƙofar da wuta ta bi ta shiga naɗin, wannan kuwa ya isa ya sauya yawan kawunan maganaɗisun da ke cikin moton daga takwas zuwa huɗu.

Daga ina gudun moto ke fitowa?

Moto mai aiki da wuta mai layi uku yana da sassa biyu. Akwai gangar ƙarfe da ke tsaye, mai ramuka a cikinta inda aka jera koyil na tagulla. Akwai kuma roto, wato dunƙulen da ke juyawa a tsakiya. A irin moton da ya fi yawa a masana'antu, babu wata waya da ke kai wa roto wuta. Sandunan alminiyam ne ko na tagulla a jikinsa, an haɗe bakunansu da zobe biyu, ɗaya a kowane gefe. Injiniya Mikhail Dolivo-Dobrovolsky ne ya ƙera irin wannan roton a kamfanin AEG na Jamus a 1889, kuma har yau da shi ake aiki.

Wutar da ke cikin layukan uku ba a tsaye take ba. Tana zuwa tana komawa sau 50 a kowane sakan a Najeriya da Nijar da Ghana, abin da ake rubutawa 50 Hz. Layukan kuma ba sa kai wa ƙarshen ƙarfinsu lokaci guda. Kamar mata uku ne masu lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na sama, ta ukun na kan hanya. Da yake koyil na kowane layi yana wurinsa daban a jikin gangar, sai wurin da maganaɗisu ya fi ƙarfi ya riƙa matsawa daga koyil zuwa koyil yana kewaya gangar. Wannan maganaɗisu mai kewayawa shi ke haifar da wuta a sandunan roto, ya kuma ja roton ya bi shi.

Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, na arewa da na kudu, waɗanda masu sana'ar ke kira fol. Duk zuwa da komawa ɗaya da wuta ta yi, maganaɗisun na matsawa tazarar kai biyu cif, daga wani kan arewa zuwa kan arewa na gaba. Idan kai biyu ne kawai a gangar, wannan tazarar ita ce kewaye guda, don haka zai kewaya sau 50 a sakan, wato sau 3000 a minti. Idan kai huɗu ne, rabin kewaye zai yi a wannan lokacin, sai ya zama 1500. Kai shida na ba da 1000, kai takwas kuma 750. Lissafin a dunƙule shi ne:

```
Ns = 120 × f ÷ P
```

A nan Ns shi ne gudun maganaɗisu a minti, f yawan zuwa da komawar wuta a sakan, P kuma yawan kawuna. Lambar 120 ba daga sama ta faɗo ba: sakan 60 ne na cikin minti aka ninka da 2, tunda kawunan bibbiyu suke tafiya. Wannan lissafin ne kuma ya sa babban janareto mai kai huɗu dole injin dizal ɗinsa ya tsaya a kan 1500 a minti kafin ya ba da 50 Hz, alhali ƙaramin janareton gida mai kai biyu sai ya yi 3000, shi ya sa kukansa ya fi tsini.

Roto ba ya taɓa cim ma maganaɗisun. Da zai cim masa, da maganaɗisun ya daina gilma sandunansa, wuta ta daina gudana a cikinsu, ƙarfin juyawa ya ɓace. Don haka kullum yana ɗan biye a baya. Shi ya sa a farantin da ke manne jikin moto mai kai huɗu akan ga 1440 ko makamancin haka maimakon 1500, gibin kashi 4 cikin 100 ke nan. Duk wanda ya ga faranti mai lamba biyu irin 1440/710 ya san kai huɗu ne da kai takwas a gangar ƙarfe guda.

Abin lura a lissafin shi ne babu maganar bolt a ciki ko kaɗan. Rage wa irin wannan moton ƙarfin wuta ba ya rage gudun maganaɗisu, sai dai ya raunana shi, ya sa shi zafi. Hanya biyu ce kawai ta sauya gudun: a sauya f, ko a sauya P. A ƙarshen ƙarni na 19 babu na'ura mai sauƙi da za ta sauya f, don haka injiniyoyi suka koma kan P.

Dabarar Dahlander

Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a saka naɗi biyu daban-daban a ganga ɗaya, ɗaya mai kai huɗu, ɗaya mai kai takwas, a ba wanda ake so wuta. Ana yin haka har yau. Matsalarsa ita ce a kowane lokaci rabin tagullar da aka saya tana kwance ba ta aikin komai, ga shi ta cinye wuri a ramuka, dole moton ya yi girma ya yi tsada.

Robert Dahlander, injiniya ɗan ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1870 zuwa 1935, yana aiki a kamfanin ASEA lokacin da shi da abokin aikinsa Lindström suka yi rajistar wata dabara a 1897. Naɗi ɗaya suka yi amfani da shi, amma suka raba na kowane layi gida biyu daidai, suka fito da waya daga tsakiya. Sunan Dahlander ne ya bi wannan haɗin har yau.

Ga yadda abin yake a moton injin kwaɓa mai kai huɗu da takwas. A ɗauki layi ɗaya kawai daga cikin ukun. Koyil ɗinsa an kasa su rukuni huɗu, an ajiye su a kewayen gangar da tazara iri ɗaya, a kira su na 1, na 2, na 3 da na 4. Na 1 da na 3, masu fuskantar juna, an haɗa su sun zama rabi na farko. Na 2 da na 4 su ne rabi na biyu.

Idan wuta ta bi rabin farko ta wata fuska, ta bi rabi na biyu ta kishiyar fuskar, to a kowace ƙiftawar ido rukunan za su jeru arewa, kudu, arewa, kudu. Kai huɗu ke nan, gudun maganaɗisu 1500.

Yanzu a juya hanyar wuta a rabi ɗaya kawai, ta yadda za ta bi rukunan huɗu ta fuska guda. Sai dukkansu su zama arewa, arewa, arewa, arewa. Amma maganaɗisu ba ya zama da kai ɗaya. Ƙarfin da ya fito daga kan arewa ya tsallaka cikin roto dole ya samu hanyar komowa cikin gangar, kuma hanyar da ta rage masa ita ce ƙarfen da ke tsakanin rukuni da rukuni. Waɗannan wurare huɗu sai su zama kawunan kudu da kansu, ba tare da an naɗa musu koyil na wannan layin ba. Huɗu da huɗu, kai takwas ke nan, gudun ya sauko 750. Abin da ya faru da wannan layin shi ke faruwa da sauran biyun.

Roto mai sanduna ba ya buƙatar a taɓa shi. Ba shi da yawan kawuna nasa na kansa, duk tsarin da gangar ta shimfiɗa masa shi yake ɗauka. Da roto mai naɗin waya ne, da sai an sauya nasa haɗin shi ma, abin da ya sa ba a cika yin wannan dabara da shi ba.

Baki shida a cikin akwati

Idan aka buɗe akwatin wayoyin irin wannan moto za a ga baki shida. Uku an rubuta musu 1U, 1V, 1W, su ne ƙarshen naɗin. Sauran ukun 2U, 2V, 2W, su ne wayoyin da aka fito da su daga tsakiya. A moton injin kwaɓa, naɗin layukan uku an riga an haɗa su a ciki, ƙarshen wannan da farkon wancan, sun yi kusurwa uku, haɗin da ake kira dalta. Bakunan da ke ɗauke da lamba 1 suna kan kusurwoyin, masu lamba 2 kuma suna tsakiyar kowane gefe.

```
750:   L1→1U  L2→1V  L3→1W   |  2U  2V  2W
1500:  L1→2U  L2→2V  L3→2W   |  1U+1V+1W
```

A ƙaramin gudu wuta na shiga ta kusurwoyi, bakunan tsakiya a bar su a sake ba abin da ya taɓa su. Wutar na ratsa rabin farko ta wuce rabi na biyu a jere, fuska ɗaya, sai a samu kai takwas. A babban gudu wuta na shiga ta tsakiya, kusurwoyin uku kuma a ɗaure su wuri guda. Da wutar ta shigo tsakiya sai ta rabu biyu, wani kashi ya yi dama, wani ya yi hagu. Wannan rabuwar ce ta juya fuskar wuta a rabi ɗaya, aka koma kai huɗu. Wannan haɗin na biyu shi ake kira sita biyu, a faranti kuma akan rubuta tsarin duka da alamar Δ/YY.

Lissafin bolt ɗin yana nuna hikimar tsarin. Tsakanin layi da layi akwai kusan bolt 400. A dalta rabi biyu ne suka raba 400 ɗin, kowane ya samu 200. A sita biyu kowane rabi yana tsakanin layi da wurin ɗaurin, inda yake samun kusan 231. Bambancin ba shi da yawa, don haka naɗin na aiki cikin kwanciyar hankali a gudun duka biyu. A ce wayar kowane rabi na iya ɗaukar amfiya 10 ba tare da ta yi zafin da ya wuce kima ba. A dalta layin zai ja kusan amfiya 17.3, a sita biyu kuma 20. Ke nan gudu ya ninka, amma aikin da moton zai iya yi bai ninka ba. A farantin irin waɗannan motoci akan ga kilowat na babban gudu ya ɗara na ƙarami da abin da bai wuce rabi ba. Ma'anar wannan ita ce a ƙaramin gudu ƙarfin murɗawarsa bai ragu ba, sau da yawa ma ya fi. Abin da kwaɓi ke buƙata ke nan, domin nauyinsa a kan ƙarfen na nan ko ana juya shi a hankali ko da sauri.

Fanka ba haka take ba. Aikin da babbar fankar masana'anta ke nema yana raguwa sosai da an rage mata gudu: a rabin gudu, kusan kashi ɗaya cikin takwas kawai take buƙata. Fankar da ke cin kilowat 8 a gudun 1500 za ta wadatu da kusan kilowat 1 a 750. Don haka moton fanka ana haɗa shi sita a ƙaramin gudu, sita biyu a babba, a rubuta Y/YY. A nan kowane rabi bolt 115 kacal yake samu a ƙaramin gudu. Daga waje motocin biyu kamarsu ɗaya, bakunansu shida kuma sunansu ɗaya. Amma wanda ya sayo moton fanka a kasuwar kayan gwanjo ya ɗaura wa injin kwaɓa zai ga yana juyawa lafiya kwano ba komai, da an zuba buhun fulawa kuwa sai ya tsaya yana gurnani a gudun farko.

Kwantakta uku da abin da ke lalacewa

Maɓallan nan biyu ba su ke ɗaukar wutar moton ba. Umarni suke ba wasu makunnai masu aiki da maganaɗisu, wato kwantakta, kuma haɗin Dahlander na buƙatar guda uku. K1 na kai wuta bakunan lamba 1. K2 na kai wuta bakunan lamba 2. K3 ba ya kawo wuta, aikinsa kawai ya ɗaure 1U da 1V da 1W wuri guda, kuma tare da K2 yake shiga.

Haɗarin a fili yake. Idan K1 na rufe K3 ya shiga, layuka uku na wuta aka haɗa kai tsaye, sai tartsatsi da ƙara, fiyus ya tashi, wani lokaci bakunan kwantaktan su narke su manne. Shi ya sa ake ratsa wayar umarnin kowane ɓangare ta cikin ɗan makunnin ɗayan, ta yadda ɗaya ba zai shiga ba sai ɗayan ya saki, a kuma ƙara makari na ƙarfe ko na roba a tsakaninsu. Mai gyaran da ya tsallake wannan kariyar don injin ya tashi da wuri ya bar tarko ne ga ranar da wani kwantakta zai maƙale.

Akasin haka ma na faruwa. K2 ya shiga amma K3 ya ƙi, saboda koyil ɗinsa ya ƙone ko bakinsa ya ci wuta. Moton na samun wuta ta tsakiya amma kusurwoyin na sake. Maganaɗisun da ke fitowa a nan gauraye ne, wani kashi na tsarin kai huɗu, wani na kai takwas, suna ja-in-ja a kan roto ɗaya. Alamarsa ita ce gudun farko lafiya lau, gudu na biyu kuwa ba ƙarfi, ga gurnani, ga zafi cikin 'yan mintoci. Kafin a ce moton ya mutu, K3 ya kamata a fara dubawa.

Obalod, wato na'urar da ke katse wuta idan moto na jan fiye da kima, shi ma biyu ake sakawa, tunda amfiyar gudu biyun ba ɗaya ba ce. Kowane a saita shi a kan lambar da farantin ya ba gudunsa. Idan guda ɗaya aka saka aka saita shi a kan babbar lambar, naɗin na iya dahuwa a hankali a ƙaramin gudu ba tare da ya katse ba.

Sai kuma saukowa daga babban gudu zuwa ƙarami. A lokacin da aka danna maɓallin, roto na gudun 1440, sabon maganaɗisun kuma 750 yake yi. Roton ya wuce maganaɗisun ke nan, sai moton ya koma janareto na ɗan lokaci, yana mayar da wuta layi yana taka wa kansa birki da ƙarfi. Wannan fizgar na cin bel da haƙoran giya, musamman a fanka mai nauyi. Maganinsa shi ne a saka ɗan jinkiri na 'yan sakanni, a bar injin ya rage gudu da kansa kafin K1 ya shiga.

A shagon mai naɗin koyil

Yawancin motocin nan idan sun ƙone ba jefar da su ake yi ba, wurin masu naɗin koyil ake kai su, kuma a nan ake gane gwani. A ɗauki ganga mai rami 48. Kai takwas na nufin kowane kai ya ci rami 6, kai huɗu kuma rami 12. Naɗin Dahlander yawanci faɗin koyil ɗinsa na bin tsarin kai takwas ne, wato gefe ɗaya a rami na 1, ɗayan a rami na 7. Koyil 48 ne gaba ɗaya, gefe biyu a kowane rami, 16 ga kowane layi, rukuni huɗu masu koyil huɗu-huɗu. Wanda ya saba da moto mai kai huɗu na yau da kullum idonsa zai ce masa wannan koyil ya yi gajarta, ya kamata ya kai rami na 11 ko na 13. Idan ya bi idonsa ya faɗaɗa shi zuwa rami na 13, to a haɗin kai takwas gefuna biyu na koyil za su faɗa ƙarƙashin kai iri ɗaya, su soke juna. Naɗin zai zuƙi wuta mai yawa ba tare da ya juya komai ba. Shi ya sa ƙwararru ba sa yanke tsohon naɗi sai sun ƙirga ramuka, sun ƙirga zagayen waya, sun auna kaurinta, sun kuma zana yadda rukunai suka haɗu a takarda.

Akwai wani abin kuma da ke bayyana bayan naɗi. Idan aka ninka yawan kawuna, tazarar da ke tsakanin koyil na layukan uku a jikin ƙarfe ba ta sauya ba, amma a ma'aunin maganaɗisu ta ninka, daga digiri 120 zuwa 240. Wannan daidai yake da juya jerin layukan, sai moton ya juya baya. Masu ƙera moto sun san haka, don haka suna musanya sunayen baki biyu tun daga masana'anta don gudu biyun su tafi fuska ɗaya. Mai naɗin da bai kula da wannan ba zai mayar da moto mai tafiya dama a gudun farko, hagu a na biyu. Gyaran ba wuya: a musanya waya biyu daga cikin ukun da ke zuwa bakunan lamba 2, a bar na lamba 1 yadda suke.

Idan faranti ya goge fa, ko kuma ya ɓalle? Baki shida ba ya tabbatar da komai, domin moto iri uku ne ke da baki shida, kuma mita mai auna om na raba gardama. A kashe wuta, a cire duk wayoyi da ƙarafan haɗi, a auna baki da baki. Moto mai gudu ɗaya na sita da dalta, wanda bakunansa ke ɗauke da U1 da U2 da lambar a baya, zai nuna bakunan sun haɗu bibbiyu, kashi uku. Moto mai naɗi biyu daban zai nuna uku-uku, kashi biyu da ba su taɓa juna ba. A na Dahlander kuwa duk shidan na haɗe.

Lambobin ma na magana. A ce kowane rabi om 3 ne. A irin na injin kwaɓa, bakunan da ke maƙwabtaka za su nuna om 2.5, tsakanin 1U da 1V om 4, tsakanin 2U da 2V ma om 4. A irin na fanka kuwa tsakanin 2U da 2V om 6 ne, tsakanin 1U da 1V om 12. Wannan gwaji na minti biyar na hana babbar asara, domin wanda ya ɗauki moto mai naɗi biyu a matsayin Dahlander ya ɗaure bakunan naɗin da ke hutawa, to naɗin da ke aiki na iya haifar da wuta a cikin wancan, moton ya yi zafi har ya lalace.

Inda dabarar ta tsaya

Haɗin Dahlander ninki biyu kawai yake bayarwa: 2 da 4, ko 4 da 8, ko 6 da 12. Ba ya ba da 1500 da 1000. Mai son wannan sai ya koma naɗi biyu daban, ko kuma dabarar da Farfesa Gordon Rawcliffe ya fito da ita a Jami'ar Bristol ta Ingila a ƙarshen shekarun 1950, wadda ke ba da irin 4 da 6 ko 8 da 10 daga naɗi guda. Wasu injunan sassaƙa ƙarfe na haɗa Dahlander da ƙarin naɗi don su samu gudu uku ko huɗu.

Kuma da yake f na cikin lissafin, duk abin da ya taɓa shi ya taɓa gudu biyun tare. Gidan burodin da janaretonsa ya gaji ya sauko 47 Hz, gudun maganaɗisun motonsa zai koma 1410 da 705, mai kwaɓi ya ga lokacin da ya saba bai isa ba. Injin da aka ƙera don Amurka, inda wuta ke 60 Hz, lissafinsa 1800 da 900 ne, idan ya zo Kano sai ya rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa.

Yau akwai inbata mai sauya f yadda aka ga dama, kuma sababbin injuna da yawa sun koma kanta. Ana iya ɗaura ta a kan tsohon moton Dahlander, amma da sharaɗi: a zaɓi haɗi ɗaya, yawanci sita biyu, a ɗaure shi dindindin, a cire kwantaktan nan uku daga tsakani, domin buɗewa da rufewa a bayan inbata tana aiki na iya lalata ta. A kuma tuna fankar da ke sanyaya moton a jikin shaf ɗinsa take, idan aka daɗe ana gudu a hankali da kaya mai nauyi iskarta ba za ta wadatar ba. Inbata kuma ba ta son ƙurar fulawa, ba ta son zafin ɗakin gashi, ba ta son wuta mai hawa da sauka. Waɗannan dalilan ne suka sa masu gidajen burodi da yawa ke ci gaba da riƙe tsohon tsarin, wanda mai aikin wuta na unguwa zai iya gyara shi da mita da sukuddireba da kwantakta ɗaya daga kasuwa.